Sauya bashi zuwa wani banki: a wane wata zan fanshe kuɗin da na kashe?

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Samaru. Bara na karɓi bashin naira miliyan 3 a banki don in rufe ginina da ke Danmagaji, na wata 36, kuɗin ruwa kashi 30 cikin ɗari a shekara a kan ragowar bashi. Ana cire mini 127,350 duk wata. Na biya wata 12, saura 24, kuma bankin ya ce ragowar uwar kuɗin 2,278,000 ce. Wani abokina da muka yi makaranta tare, yana aiki a wani banki, ya ce in koma wurinsu su biya mini wannan bashin a kan kashi 24, in riƙa biyan 89,360 na wata 36. Za su caje ni 47,000, tsohon bankin kuma zai karɓi 46,000 na rufe bashi kafin lokaci. Ya ce cikin wata uku zan fanshe kuɗin. Matata ta ce sam, kada in kuskura. Yayana ne ya tsaya mini a na farko, kuma ina jin nauyin sake zuwa masa. Akwai gonar gadonmu da muke sa ran sayarwa nan da wata shida, kasona zai iya biyan bashin duka. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sa albarka a gidan, Ya kuma sauke maka wannan nauyi. Na ji daɗi da ka aiko da alƙaluman yadda suke, domin da su za mu yi magana, ba da kintace ba. Ka ɗauko biro da takarda mu bi abin tare, kuma in da hali ka kira maiɗakinka ta zauna kusa, saboda akwai inda gaskiyarta za ta fito fili, akwai kuma inda ta abokinka za ta fito.

Duk wanda zai biya kuɗi yau don ya samu ragi gobe, tambaya ɗaya ce a gabansa: a wane wata ragin da yake samu zai taru ya kai abin da ya kashe? Wannan watan shi nake kira watan fanshewa. Kafin ka isa gare shi kana cikin asara ne, ko da albashinka ya nuna kamar ya ƙaru. Bayan ka wuce shi ne abin da ya shigo ya zama naka. Lissafinsa ba wuya: ka haɗa duk abin da sauyin zai ci, ka raba shi da ragin da za ka samu a kowane wata. A wurinka abin da sauyin zai ci naira 93,000 ne idan an haɗa na bankunan biyu. Inda mutane ke zamewa shi ne lamba ta biyu, wato ragin wata. Abokinka ya ɗauki kusan 38,000 a matsayin ragi, ya raba, ya samu ƙasa da wata uku. Rabawar daidai ce, amma lambar da ya raba da ita ba ragi ba ce.

Dalili kuwa shi ne an canja abu biyu a lokaci guda. An sauke kuɗin ruwa, an kuma ƙara maka shekara guda cur ta biya. Mafi yawan sauƙin da kake gani daga ƙarin watannin ya fito, ba daga saukar ruwan ba. Kamar mutum ne ya ɗauko buhun masara daga Kwangila zai kai Tudun Wada, sai aka ce masa ya raba shi gida uku ya yi sawu uku: kowane sawu ya fi sauƙi a wuya, amma kuɗin Keke ya ƙaru. Idan kana son sanin abin da saukar ruwan kaɗai ta ba ka, dole ka kwatanta wata 24 da wata 24.

To mu yi hakan. Ragowar bashinka a kan kashi 24, idan za a biya cikin wata 24, zai kama kimanin 120,430 a wata. Ragin gaskiya ke nan ya zama kusan naira 6,900. Raba 93,000 da 6,900, za ka samu sha uku da rabi. Wato sai a wata na 14 aljihunka zai mayar da abin da ya fitar. Watanni goman da suka rage su ne naka, kuma idan aka tattara komai a ƙarshe za ka tsira da kimanin naira 73,000. Ba kuɗin rainawa ba ne, zai iya sa maka ƙofa ko tagogi biyu, amma ka ga ya yi nisa da hoton da aka zana maka.

Yanzu dubi tayin da aka kawo maka yadda yake. Idan ka zauna inda kake, abin da ya rage ka biya gaba ɗaya shi ne 127,350 sau 24, wato kimanin 3,056,000. Idan ka karɓi na wata 36, za ka biya 89,360 sau 36, wato kimanin 3,217,000, ga kuma 93,000 na sauyi a kai. Bambancin ya haura naira 250,000, kuma kai ne za ka biya shi. A wannan tsarin babu watan fanshewa da zai dawwama. Za ka ji iska na shekara biyu, sannan a shekara ta uku, lokacin da ya kamata a ce albashinka ya dawo hannunka cikakke, a ci gaba da yankar maka kusan dubu 90 duk wata har sau goma sha biyu. An gudu ba a tsira ba ke nan. A nan maiɗakinka ta yi gaskiya, ko da ba ta zauna ta yi lissafin ba. Mace da ke riƙe da cefanen gida ta san tsawon shekara fiye da wanda ke kallon takarda a ofis.

Ba na son ka ɗauki abokinka a matsayin mayaudari. Masu tallan bashi a bankuna ana ɗora musu adadin da za su kawo, kuma abin da ya fi saurin shiga kunnen ma'aikaci shi ne a ce masa cirewar wata za ta ragu, shi ya sa suke fara magana da ita. Mai yiwuwa shi kansa ya yarda taimakonka yake yi. Akwai ma halin da zan ce wa mutum ya karɓi irin wannan tayin: idan abin da ke saura a albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, har ya fara cin bashin manhajojin waya don cike gurbi, waɗanda ruwansu ya ninka na banki. Irin wannan mutum numfashi yake saye, kuma ya san farashinsa. Kai ba ka ce mini kana cikin wannan matsi ba. Idan kana ciki ka faɗa wa kanka gaskiya, ka yanke hukunci kana sane da cewa sauƙin dubu 38 a wata zai ci maka kwatan miliyan. Idan kuwa kana iya jurewa, ka ce wa abokinka cikin mutunci ya fitar maka da jadawalin biya na wata 24, a rubuce, da tambarin banki.

Wannan jadawalin zai tona maka wani abu kuma. Wasu masu ba da bashi ba sa cewa kashi 24 a shekara, sai su ce kashi 2 a wata, kuma kunne zai ji kamar abu ɗaya ne. Ya danganta da abin da ake ɗora kashi biyun a kansa. Idan a kan ragowar bashi ne, kamar yadda naka na yanzu yake, ruwan yana raguwa duk wata saboda uwar kuɗin tana raguwa. Idan kuwa irin wanda ma'aikatan banki ke kira filat ne, a kan asalin kuɗin da ka karɓa ake lissafa shi daga watan farko har na ƙarshe, kamar ba ka taɓa biyan ko kwabo ba. Ba sai ka yi gardama da kowa ba, lamba ɗaya za ka duba. Idan biyan wata a jadawalin wata 24 ya fito kusa da 120,400, a kan ragowa ne. Idan ya fito kusa da 140,500, filat ne, kuma ya fi wanda kake biya yanzu tsada da dubu 13 a kowane wata duk da an ce maka an sauke ruwa. Lambar da aka ba ka ta wata 36 ta yi daidai da lissafin ragowa, don haka ina kyautata zato, amma abin da ka sa wa hannu shi zai kama ka, ba abin da aka faɗa a baki ba.

Sai maganar gonar, wadda ka sako a ƙarshen wasiƙarka kamar ƙarin bayani, alhali ita ce ke riƙe da hukuncin duka. Watan fanshewa yana da amfani ne kawai ga wanda zai zauna da bashin har ya wuce wannan watan. Kai kuma kana tunanin rufe shi a wata na shida.

A nan lissafin yana da ɗan lanƙwasa, kuma adalci ne in nuna maka ita domin tana goyon bayan sauyin kaɗan. A sabon bashin na wata 24, tunda ruwan ya fi ƙasa, kaso mafi girma na abin da kake biya yana tafiya ne wajen rage uwar kuɗi. Saboda haka ranar da ka je rufewa, za ka tarar ragowar da ake bin ka ta ɗan fi ƙanƙanta a kan wadda da za a bi ka a tsohon banki. Wannan ma riba ce gare ka, sai dai ba ka ganin ta a albashi. A wata na shida, ragin da ka tara a aljihu zai kai kimanin 41,500, ragowar bashin kuma za ta yi ƙasa da kimanin 22,500. Jimla 64,000. Ka kashe 93,000. Idan aka lissafa ta wannan hanya, sai a wajen wata na goma ne abin da ka samu zai cimma abin da ka kashe.

Amma ka lura da wani abu. Tarar rufe bashi kafin lokaci za ta same ka ko ka sauya ko ba ka sauya ba, muddin da kuɗin gona za ka rufe. Idan ka zauna, sau ɗaya za ka biya ta, ga tsohon bankinka, a kan ragowar da ta riga ta ragu. Idan ka sauya, za ka biya ta yau ga tsohon, kuma idan sabon ma yana da irin wannan sharaɗi za ka sake biyan ta bayan wata shida. A wannan halin asararka ta kusa dubu 30, ban da zirga-zirga da sauya asusun albashi. Idan sabon bankin ya rubuta maka cewa ba ya karɓar tarar rufewa ko kaɗan, lissafin zai zo kusan canjaras, da ɗan abin da bai kai dubu goma ba a gefenka. Ban ga hikimar tayar da Yaya da cike takardu saboda wannan ba.

Don haka tambayar da zan mayar maka ita ce: yaya ƙarfin maganar gonar? Ni da kai mun san yadda sayar da gado yake. Akwai wanda ke Legas bai amsa waya ba, akwai gwaggon da ta ce ba da yawunta ba, akwai mai saye da ya yi ciniki ya ɓace har sai bayan kaka. Idan an riga an yi rabo a gaban alƙali ko malamai, magada sun amince, mai saye ya ba da kafin alƙalami, to ka zauna inda kake ka jira kuɗinka. Idan har yanzu magana ce ta zaure, ka ɗauka babu ita, ka yi lissafinka a kan wata 24. Sai dai kada ka ce bari in jira in gani har shekara ta zagayo, domin ƙofar sauyi rufewa take yi a hankali. Idan ya rage saura wata 12, ragowar bashin za ta sauko kusan miliyan 1.3, ragin wata zai koma kimanin 3,800, jimlarsa ba za ta kai dubu 46 ba, kuɗin sauyi kuma a kan wannan ma'auni zai haura dubu 53. A lokacin ko an sauke maka ruwan, asara ce. Yawancin kuɗin ruwa a farkon bashi ake biyansa, shi ya sa sauyi ke da daɗi da wuri, ya zama banza a ƙarshe.

Akwai hanyar da na fi so ka fara gwadawa kafin duk wannan, kuma ba ta buƙatar ka taka ƙofar gidan Yaya. Ka karɓi tayin sabon bankin a rubuce, ka kai wa jami'in da ke kula da bashinka a bankin da kake yanzu, ka ce masa kana shirin tafiya sai dai idan za su duba ruwan da suke ɗora maka. Mutumin da ya biya wata 12 ba fashi, albashinsa kuma yana shiga wurinsu, ba wanda suke son rasawa ba ne. Ba na ce dole su yarda ba. Amma duba abin da zai faru idan suka sauko zuwa kashi 27 kawai, wato rabin ragin da wancan ya yi maka alkawari. Biyan wata zai koma kimanin 123,860, ragi kusan 3,500. Ko da sun caje ka rabin kashi ɗaya na sake tsara bashin, kimanin 11,400, za ka fanshe shi a wata na huɗu, kuma a ƙarshe ka tsira da kimanin 72,000. Kusan daidai da abin da za ka samu idan ka kwashe kayanka ka koma wancan bankin, ba tare da tara ba, ba tare da sabon mai tsayawa ba. Kuma tunda fanshewarsa a wata na huɗu take, ko gonar ta sayu a wata na shida ba ka yi asara ba. Wannan ita ce kaɗai hanyar da ta dace da kai ko an sayar ko ba a sayar ba.

Game da 47,000 ɗin nan, ka nemi a warware maka shi ɗaya bayan ɗaya. Jagorar caje-caje ta Babban Bankin Najeriya da ta fara aiki a Janairun 2020 ta ƙayyade kuɗin gudanar da bashi kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari, kuma sau ɗaya ake karɓa. A kan bashinka wannan kimanin 22,800 ne. Sauran yawanci inshora ce da haraji. Ka tambaya ko inshorar sau ɗaya ce ko duk shekara ake sabunta ta, domin idan duk shekara ce, watan fanshewarka ya ƙara matsawa gaba. Ka kuma tambaya daga ina za a ciri kuɗin sauyin duka, wato 93,000 ɗin. Idan ba daga aljihunka za ka biya ba, sai dai a ɗora a kan sabon bashin, to shi ma zai riƙa haifar da ruwa, ragin wata ya faɗo zuwa kimanin dubu biyu, abin da za ka tsira da shi a ƙarshe ya koma wajen 48,000.

Idan duk da haka sauyin ne ya tabbata, akwai wata guda mai haɗari, watan da ake miƙa bashin daga hannu zuwa hannu. Na taɓa zama da wani abokin aikina da aka yi wa cirewa biyu a albashi ɗaya, saboda sabon bankin ya fara cire nasa alhali umarnin cirewa na tsohon bai tsaya ba. Ina tuna yadda ya riƙe wayarsa yana kallon saƙon, abin da ya rage masa bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, ga azumi ya ƙarato. An mayar masa, amma sai da ya yi makonni yana sintiri. Don haka ka karɓi takardar da ke nuna adadin rufewa da ranar da adadin zai daina aiki, tunda ruwa kullum yake ƙaruwa. Bayan an biya, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, ka kai kwafinta ofishin albashinku, ka kuma kai wa Yaya kwafi ɗaya da hannunka. Ya tsaya maka da sunansa, ya cancanci ya ga takardar da ta sake shi. Kuma idan har za ka sake neman ya tsaya maka, ka gaya masa adadin watannin tun farko, kada ya ɗauka saura shekara biyu alhali ka mayar da ita uku.

Ba ka tambaye ni hukuncin kuɗin ruwa ba, kuma Zariya ba ta rasa malaman da suka fi ni sanin wannan, amma na san abin yana damun zukatan da yawa daga cikinmu, wataƙila har da maiɗakinka, ko da ba da wannan kalmar ta faɗa ba. Abin da zan ce ta fuskar lissafi shi ne duk hanyar da ta gajarta zamanka cikin wannan bashi ta fi wadda ta tsawaita shi. Idan akwai ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata a wurin aikinku mai ba da rance ba ruwa, ka tambayi nawa za su iya ba ka, ko da rabin ragowar ne, ka rage uwar kuɗin da shi bayan ka ji ko bankinka yana cajin tara a kan biyan wani ɓangare. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, akasari kaya suke saya su sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, don haka sun fi dacewa da lokacin da za ka sayi tayil ko siminti don ƙarasa ginin, ba biyan tsohon bashi ba.

A wannan makon, ka kira babban cikin magada ka ji ainihin inda maganar gona ta tsaya. Ka karɓi jadawalin wata 24 daga abokinka, tare da amsa a rubuce kan tarar rufewa da inshora. Ranar Litinin ka shiga bankinka da takardar a hannu ka nemi ragi. Da dare ka baje takardun a gaban maiɗakinka, ka nuna mata lambar da ta tabbatar da maganarta da kuma wadda ta nuna akwai dubu saba'in da za a iya ceto, ku yanke tare. Idan bankinka ya ba ka amsa, ka sake rubuto mini da sabuwar lambar mu sake lissafawa.